Kaji a kan tabarma: Yadda raha ke sa ɗalibi ya riƙe darasi, da inda take ɓata shi

A ɗauki wani magidanci a Koguna, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Makoɗa ta Jihar Kano, wanda ke sa ran baƙi amma uzuri ya riƙe shi a kasuwa. Sai ya aika wa ɗansa saƙo ta waya. Abin da yake nufi shi ne: "In ka ji sun zo, ka ba su tabarma." Abin da ya rubuta kuwa shi ne: "In kaji sun zo, ka ba su tabarma." Harafi ko ɗaya bai canja ba. Tazara guda ce kawai ta ɓace tsakanin "ka" da "ji", sai ga umarni ya koma na a shimfiɗa wa kaji tabarma a zaure.

Duk yaron da ya tashi a gidan da ake kiwon kaji zai yi dariya in aka rubuta masa waɗannan jimloli biyu a allo. Abin lura shi ne, ba zai iya dariyar ba sai ya gano bambancin da ke tsakaninsu, kuma wannan bambancin shi ne ainihin ƙa'idar rubutun da ake son ya koya. A nan ne amfanin raha a aji yake, a nan ne kuma iyakarta take. Binciken da masana suka yi shekaru kusan hamsin ya nuna cewa rahar da aka ƙulla da abin da ake koyarwa tana taimaka wa ɗalibi ya riƙe shi, wadda aka kawo don nishaɗi kawai ba ta da wannan tasiri, wani lokaci ma illa take yi.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Makoɗa

Makoɗa yanki ne na noma da ke arewacin Kano, maƙwabtaka da Dambatta, inda ƙidayar 2006 ta nuna akwai mutum sama da dubu 220. Ƙauyuka a kusa da juna suke, gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake sun kewaye su, Hausa ce kuma harshen gida da kasuwa da gona.

A 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, sannan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Galibin muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan gine-gine da kujeru da ɗaukar malamai, waɗanda duk kasafin kuɗi ke yanke hukunci a kansu. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: idan yaro ya samu kujera da malami, me zai rage a ƙwaƙwalwarsa bayan mako shida? Amsar ta dogara ne da abin da ke faruwa a cikin minti 35 ko 40 na kowane darasi. Raha na cikin 'yan kayan aikin da malamin karkara ke da su ko babu littafi, ko babu wutar lantarki. Sai dai kamar kowane kayan aiki, tana da hanyar riƙo.

Abin da gwaje-gwaje suka gano

A 1977 wasu masana biyu a Amurka, Robert Kaplan da Gregory Pascoe, suka raba ɗaliban jami'a sama da 500 rukuni-rukuni, aka gabatar musu da lacca ɗaya ta fuskoki daban-daban. Wasu sun ji ta babu raha, wasu da rahar da ke bayyana abin da ake koyarwa, wasu da rahar da ba ta shafi darasin ba. Jarrabawar da aka yi nan take ba ta nuna wata fa'ida ta raha ba. Da aka sake gwada su bayan mako shida, sai aka ga waɗanda suka ji misalai na ban dariya masu alaƙa da darasi sun fi tuna abubuwan da aka bayyana da waɗannan misalan. Ribar ba ta bazu zuwa sauran sassan laccar ba.

A 1988 Avner Ziv na Jami'ar Tel Abib ya wallafa gwajin da ya ɗauki zangon karatu guda. Ɗalibai 161 masu koyon ilimin ƙididdiga aka raba gida biyu, malami ɗaya, manhaja ɗaya. An horar da malamin ya bi tsari mai mataki uku da rukuni ɗaya: ya fara bayyana ƙa'ida a sarari, ya biyo da labari ko zane na ban dariya da ke nuna ta, sannan ya sake faɗin ƙa'idar. An kuma taƙaita rahar ga sau uku ko huɗu a darasi. A jarrabawar ƙarshe wannan rukuni ya zarce ɗaya da kusan maki goma cikin ɗari. Ziv ya maimaita gwajin da wasu ɗalibai 132 a wani fanni dabam, sakamakon ya yi kama da na farko.

Sai kuma Stephen Schmidt, wanda a 1994 ya nuna cewa idan aka gauraya jimloli na ban dariya da na yau da kullum, mutane sun fi tuna na ban dariyar, amma sau da yawa a kan asarar waɗanda ke gefensu. Ma'ana, raha tana janyo hankali daga maƙwabtanta zuwa kanta. Idan ƙa'idar tana cikinta, an ci riba. Idan ƙa'idar tana gefe, ita ce za ta biya farashin.

Waɗannan gwaje-gwaje da ɗaliban jami'a aka yi su, a ƙasashen da azuzuwansu ba su yi kama da na Makoɗa ba. Don haka adadin makin da suka samu ba alkawari ba ne ga malamin ƙaramar sakandare a karkarar Kano. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne tsarin, kuma malami na iya gwada shi da kansa.

Darasi guda, daga farko zuwa ƙarshe

Ƙa'idar raba kalma da haɗe ta na cikin waɗanda suka fi wahalar da masu rubuta Hausa, kamar yadda duk mai leƙa shafukan sada zumunta zai shaida. Ɗaya daga cikin rassanta shi ne, wakilin suna irin su "na", "ka", "ya", "ta" ba ya haɗuwa da aikatau. Ana rubuta "ya zo", "ta ce", "ka ji". Ga yadda darasin minti 40 zai iya tafiya bisa tsarin Ziv.

Minti goma na farko na ƙa'ida ce tsagwaronta. Malami ya rubuta "ya zo", "ta tafi", "ka gani", ya nuna wace kalma ce ke nuna mai aikin, wace ce ke nuna aikin, ya ja layi a tsakaninsu. Babu dariya tukuna, domin wanda bai san daidai ba, kuskure ba zai ba shi dariya ba.

Daga nan sai jimlolin kaji. Malami ya rubuta su biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ya yi shiru. Wannan shirun yana da muhimmanci. Idan ya yi gaggawar bayyana inda abin dariyar yake, ya yi wa ɗalibai aikin da ya kamata su yi da kansu. Cikin daƙiƙu kaɗan wani zai gano, dariya ta tashi daga wani lungu, sauran su shiga neman abin da ya wuce su. Neman nan shi ne karatun. In malami na da hannun zane, zakara zaune a kan tabarma da ƙwaryar fura a gabansa ya wadatar.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa. Da zarar dariya ta lafa, malami ya koma kan ƙa'ida da tambaya: mene ne ya mayar da baƙi kaji? Ɗalibi ya amsa cewa haɗe "ka" da "ji" ne. Sai a sake rubuta ƙa'idar a ƙarƙashin zanen, a kwafa ta a littafi. Idan aka bar wannan mataki, yara za su koma gida da labarin zakara, ƙa'idar kuwa ta kwana a allo.

Sauran lokacin na ɗalibai ne. A nemi su bibbiyu su lalubo wasu kalmomin da ke sauya ma'ana idan aka haɗe su. Hausa na da su da yawa. "Ta ce" magana ce, "tace" aikin rariya ne. "Ya ƙi" ƙin amincewa ne, "yaƙi" kuwa fito-na-fito ne da makami. "Ya yi" aiki ne da aka kammala, "yayi" abin da zamani ke so ne. "Ta fi" fifiko ne, "tafi" kama hanya ne. Abin da yaro ya gano da kansa ya fi zama masa, kuma ajin da ke da ɗalibai sittin ko fiye na iya yin wannan aiki ba tare da an sayi komai ba. A rufe da gajeriyar shifta ta jimloli biyar.

Haka tsarin yake da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka samu gindin zama a rubutun boko a shekarun 1930 amma har yau wayoyi da yawa ke sa mutane watsi da su. "Manomi ya kai ƙara kotu" jimla ce da kowa ya sani. Idan ƙugiyar ta faɗi, sai ta zama "Manomi ya kai kara kotu", ga mutum ɗauke da damin karan dawa a gaban alƙali. A yankin da ake tara kara bayan girbi don darni da girki da abincin dabbobi, hoton ba ya bukatar ƙarin bayani.

Inda ƙa'idar ke iya wuce gona da iri

Misali mai ƙarfi yana da haɗarinsa. Yaron da labarin kaji ya shige shi na iya ɗaukar cewa duk inda ya ga "ya" ko "ka" sai a raba, ya fara rubuta "ya na zuwa", "su ka tafi", "ya kan zo". Duk kuskure ne, domin daidaitacciyar Hausa tana haɗe wakilin suna da waɗannan alamomin lokaci: "yana zuwa", "suka tafi", "yakan zo". Abin da ake rabawa shi ne aikatau. Saboda haka darasi na gaba dole ne ya nuna iyakar ƙa'idar, kuma malami ya binciki littattafan ɗalibai don ganin wannan kuskure na musamman. Bayyanarsa alama ce cewa rahar ta kama, amma bayanin bai kammala ba.

Kimiyya ta fi bukatar hattara

A darasin nahawu, kuskuren da ake yi wa dariya yana nan a allo kusa da daidai, yaro na ganin su biyu. A kimiyya ba haka ba ne, domin ɗalibi ba shi da hanyar tantance abin da malami ya faɗa da wasa. A 1984 Dolf Zillmann da abokan aikinsa suka nuna wa ƙananan yara shirye-shiryen talabijin na ilimi waɗanda aka sa wa raha ta zuzutawa da ta gatse. Yara da dama suka riƙe bayanin da aka karkatar a matsayin gaskiya. Gatse na bukatar mai sauraro ya riga ya san gaskiyar, ɗan firamare kuwa gaskiyar ce ya zo nema.

Ga misali daga gona. Ɗan manomi ya tashi yana ganin cewa inda aka zuba taki amfani ya fi kyau, don haka yakan ɗauka taki ne abincin shuka. Malamin da ya ce da wasa gero na loma da taki kamar mai cin tuwo zai samu dariya, amma ya ƙara wa kuskuren ƙarfi. Gaskiyar ita ce, shuka na haɗa abincinta a cikin ganye, daga ruwan da saiwa ta janyo da iskar kabon da ganye ya ɗauka, da ƙarfin hasken rana. Abin da taki ke bayarwa sinadarai ne da ake bukata kaɗan. Tun a ƙarni na 17 Jan Baptist van Helmont ya shuka ɗan itace a tukunya, ya yi shekara biyar yana ba shi ruwa kawai. Itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar tukunyar kuwa ba ta ragu da abin da ya kai giram 60 ba. Shi kansa ya yi zaton ruwa ne kaɗai ya gina itacen, sai daga baya aka gano rawar da iska ke takawa.

Rahar da za ta yi aiki a nan ita ce wadda ke kai wa kuskuren hari. Malami na iya cewa ganye madafa ce: rana ce wuta, ruwa da iska su ne kayan girki, taki kuwa gishiri ne da daddawa. Sai ya tambaya, wane ne a ajin zai yarda a kawo masa malmalar daddawa zalla a ce ga abincin dare? Dariyar da za ta biyo baya ta ta'allaƙa ne da fahimtar cewa kayan ɗanɗano dabam, tuwo dabam. Duk da haka sai an faɗi inda kwatancen ya tsaya. Miya na ciyuwa ko babu daddawa, shuka kuwa ba za ta rayu ba in ta rasa waɗannan sinadarai gaba ɗaya.

Akwai kuma labarin da yake gaskiya ne, mai daɗi ne, amma bai shafi darasi ba. A 1998 Shannon Harp da Richard Mayer suka ba ɗalibai bayani a kan yadda walƙiya ke samuwa, wasu da ƙarin labarai masu jan hankali game da mutanen da tsawa ta faɗa wa. Waɗanda suka karanta ƙarin labaran sun fi kasa bayyana matakan samuwar walƙiyar. Ba labaran ban dariya ba ne, amma darasin ɗaya ne da na Schmidt: hankali ba ya zama wuri biyu.

Wa ake yi wa dariya?

Ƙasar Hausa ta san barkwanci da dokokinsa. Akwai wasa tsakanin Kanawa da Zage-zagi, da Fulani da Barebari, da jika da kaka, kuma a kowane ɗaya wanda aka tsokana na da 'yancin ramawa. A aji babu wannan daidaito. Malami na riƙe da maki, wani wurin har da bulala, ɗalibi ba shi da bakin mayar da martani. Idan aka ɗaga littafin wata yarinya aka karanta kuskurenta don a yi dariya, ajin zai tuna da ranar, ita kuwa abin da za ta koya shi ne kada ta sake ɗaga hannu. A yankin da riƙe yara mata a makaranta ke bukatar ƙoƙari, wannan asara ce babba.

Mafita mai sauƙi ce. Kuskuren ya zama na wani mutum da ba ya nan, kamar magidancin saƙon kaji, ko na malamin kansa, wanda zai iya yin kuskure da gangan a allo ya bar ɗalibai su kama shi. Haka nan kada raha ta taɓa karin harshen yaro, ko in'ina, ko tufafinsa, ko sana'ar mahaifinsa.

Yadda za a gane ko ta yi aiki

Ƙarfin dariya ba ma'auni ba ne. Malami ko shugaban makaranta na iya yin gwaji mai sauƙi. A zaɓi ƙa'idoji shida masu wahala iri ɗaya, a koyar da uku da misalin ban dariya, uku da misali na yau da kullum, a ba kowace lokaci daidai. Bayan mako shida, ba tare da sanarwa ba, a yi shifta da sababbin jimloli waɗanda ba a taɓa rubuta su a allo ba. Idan yaro ya raba "ka ji" amma ya haɗe "ta ce", labarin ya haddace, ƙa'idar ba ta shige shi ba. Idan ya raba duka biyun, ya kuma bar "yana" a haɗe, darasi ya zauna. Gwajin aji ɗaya ba hujja ce ta kimiyya ba, amma zai nuna wa malamin waɗanne misalai ne suka cancanci ya ajiye don baɗi.

Tambayar harshe

Batun yana da fuskar siyasa. A watan Nuwamban 2022, zamanin Ministan Ilimi Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince da tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke shi, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Kowane ɓangare na da hujjojinsa game da jarrabawa da littattafai da malamai. Abin da ya shafi wannan batu shi ne, raha irin ta kaji da kara na aiki ne kawai idan ɗalibi ya ji ma'ana biyu a lokaci guda, cikin ƙiftawar ido. Wannan saurin fahimta a harshen da yaro ya ƙware yake samuwa. Malamin kimiyya a Makoɗa da ke bayani da Ingilishi, in ya zo kwatancen madafa da daddawa, da wuya ya samu dariyar fahimta sai ya juya zuwa Hausa, sannan ya dawo ya maimaita ƙa'idar da harshen jarrabawa.

Saboda haka mai bibiyar dokar ta-ɓacin ilimi a Kano na da tambayoyin da zai ƙara a kan na gini da kujeru. Shin horon da ake ba malamai, a kwalejojin ilimi da kuma a bakin aiki, ya haɗa da yadda ake ƙirƙirar misali daga rayuwar ɗalibi? Shin masu duba makarantu na auna abin da yara suka riƙe bayan makonni, ko iyakarsu duba littafin shirin darasi? Kuma idan wani malami a Koguna ya gano misalin da ke aiki, akwai hanyar da zai kai ga takwaransa a wani ƙauyen, ko zai yi ritaya da shi?